Wasiƙar neman kuɗin gyaran aji: a fara daidaita farashi kafin a ɗauki biro

"Assalamu alaikum Malam. Bara aka ba ni riƙon wata firamare ta gwamnati. Iskar farkon damina ta yaye mana rufin aji biyu. Kwamitin makaranta sun ce in rubuto a takarda, in haɗo da farashi daga masu aiki. Na karɓo daga kafintoci uku, amma kuɗin sun yi hannun riga da juna, na farko bai kai rabin na uku ba. Yaya zan tsara wasiƙar, kuma wanne farashi zan saka a ciki?"

Wa alaikumus salam, Malam Hedimasta. Allah ya kyauta, ya tsare gaba, ya kuma yi riƙo da hannunka. Shawarata ta farko ita ce ka ajiye biron tukuna, kada ka saka ko ɗaya daga cikin farashin nan uku. Idan ka ga kafintoci uku na gari ɗaya, masu sayen kaya a kasuwa ɗaya, sun yi irin wannan nisa da juna, to kusan kullum aiki uku daban-daban suka yi maka lissafinsa. Kowa ya zo ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya yanke wa kansa abin da yake ganin ya kamata a yi, ya rubuta kuɗinsa. In ka kai wa kwamiti takardun a haka, taron zai ƙare a kan gardamar wane ne mai zalama cikin kafintocin, a tashi ba a yanke komai ba, damina kuma tana ƙara shigowa.

Na yi shekaru ina shugabancin firamare, kuma kamar yadda aka saba a yawancin makarantunmu, ni ne sakataren kwamitin gudanar da makaranta, wato SBMC. Irin wannan ta taɓa faruwa da ni, rufin aji biyu a jere ɗaya, shi ya sa zan bi da kai ta kan wancan aikin daki-daki. Kuɗin da za ka gani na daidaita su ne don lissafi ya yi sauƙi. Farashin kwano da katako yana motsi kusan kowane mako, saboda haka naka lambobin daga kasuwarku za su fito.

Takardar aikin da kai za ka rubuta

Karon farko na karɓo ₦900,000 daga kafinta na ɗaya, ₦1,350,000 daga na biyu, ₦2,100,000 daga na uku. Na kai su taro ina ganin na cika sharaɗi. A cikin kwamitinmu akwai wani dattijo, wakilin masu sana'ar hannu, wanda ya tsufa a kafinta. Ya karɓi takardar mai arha, ya nisanta ta da idonsa ya karanta, sannan ya tambaye ni: "Malam, ina langa-langa?" Na rasa amsa. Ya ce ai abin da ya sa iska ta ɗauke rufin tun farko shi ne ba a ɗaure katakon da jikin gini ba, an ɗora shi ne kawai an buga ƙusa. Wanda bai rubuta langa-langa ba, rufin da iska za ta sake ɗauka baɗi yake shirin yi mana. Da muka bi takardun layi-layi sai komai ya fito fili. Mai arhar ya yi niyyar mayar da tsohon katako, ya rubuta bandir 8 na kwano mara kauri. Mai tsadar kuwa ya haɗa da silin da fenti, waɗanda ban ma tambaye shi ba. Ranar aka ɗage magana, muka yi asarar mako biyu.

Maganin wannan shi ne kai ka fara rubuta takardar aiki guda ɗaya, ka yi mata kwafi uku, kowane kafinta ya cika kuɗinsa a gaban layukan da ka rubuta. Ba sai ka zama injiniya ba. Ka samu tef, ka ɗauki malami guda da wani tsohon kafinta da ba zai nemi aikin ba, ku zagaya. Ajinmu mita 8 ne a tsawo, mita 7 a faɗi, ga baranda a gaba. Hanya mafi sauƙi ta sanin yawan kwano ita ce ka tsaya a gaban ajin da rufinsa bai tashi ba, mai girma ɗaya da wanda ya lalace, ka ƙirga. Mu mun samu layi 7 idan aka haɗa gaba da baya, kowane layi kwano 13, wato 91 a aji ɗaya, 182 a aji biyu. Bandir ɗaya kwano 20 ne, don haka bandir 9 ba zai kai ba. Muka rubuta bandir 10, ragowar ta tafi a kan tsaiko da waɗanda za su lalace wajen yanka.

Kaurin kwano ma sai ka rubuta shi, domin a nan ake yawan cin amanar makaranta. Kwano biyu za su yi kama a ido, amma ɗaya kana danna shi da yatsa yana lotsawa. In dillali ya faɗa maka geji, ka tuna cewa yadda lambar ke ƙara girma haka kwanon ke ƙara sirancewa. Abin da na fi so shi ne a je kasuwa a zaɓi irin da ake so, a rubuta sunansa da kaurinsa a takardar, a kuma ajiye guntunsa a ofis don gwadawa ranar da aka kawo kaya.

Katako kuma ku hau ku duba shi ɗaya bayan ɗaya. Ka soka masa sukundireba ko ƙusa babba: in ta shige ba wahala, ko gari ya zubo, gara ta gama da cikinsa ko da bayansa na da kyan gani. Wanda ya tsira ku sa masa alama da alli, ku ƙirga. A namu kaɗan ne suka tsira, muka rubuta sabon tu-bai-fo guda 70 da tu-bai-tiri guda 80, duka a shafe su da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora. Sai ƙusar kwano, ƙusar katako, langa-langa, kuɗin dako, da kuɗin aiki a layinsa daban. Wannan raba kuɗin kaya da kuɗin aiki yana da muhimmanci, domin kuɗin kaya kowane ɗan kwamiti zai iya zuwa kasuwa ya tabbatar, kuɗin aiki kuwa shi ne wurin ciniki.

A ƙasan takardar ka bar wurin tambaya huɗu da kowane kafinta zai amsa da hannunsa: kwana nawa aikin zai ɗauka, farashin nan zai tsaya har zuwa wace rana, yaya yake so a biya shi, kuma a ina ya yi irin wannan aiki da za a iya zuwa a gani. Ya sa suna, lambar waya, kwanan wata da sa hannu. Wanda ba ya rubutun boko, wani ya rubuta masa ya dangwala.

Da muka sake zagayawa da wannan takarda, farashin ya dawo ₦1,280,000, ₦1,350,000 da ₦1,520,000. Ka ga yanzu tazarar ta zama irin wadda hankali zai ɗauka, kuma ana iya zama a yi magana a kanta.

Me ya sa uku, kuma wa za a zaɓa

Neman farashi daga mutum uku tsohuwar ƙa'idar kashe kuɗin jama'a ce. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ta tanadi cewa a ƙananan sayayya a nemi farashi daga aƙalla mutum uku da ba su da alaƙa da juna, jihohi kuma suna da nasu dokokin masu kama da ita. Kalmar da za ka riƙe a nan ita ce rashin alaƙa. Na sha ganin takardu uku da sunaye uku, amma rubutun hannu ɗaya ne, biro ɗaya, har kuskuren rubuta "katako" iri ɗaya. Kafinta ɗaya ne ya rubuta nasa, ya ƙirƙiro biyu masu tsada don nasa ya yi kyau. Idan mai binciken kuɗi ya gano haka, kafintan ba ya wurin, hedimastan da ya sa hannu shi zai amsa tambaya. Don haka kai da kanka, ko wakilan kwamiti biyu, ku kai wa kowa takardarsa, kuma kada ka nuna wa ɗaya abin da ɗaya ya rubuta.

A ƙauye ko ƙaramar unguwa da wuya ka samu kafinta da ba ɗan'uwan wani a kwamiti ba. Wannan ba laifi ba ne in an faɗa. Ka rubuta a wasiƙar cewa kafinta kaza surukin wane ne, kuma shi wanen zai fita daga ɗaki lokacin da za a zaɓa. Abin da ke ɓata suna shi ne a ji daga baya a bakin kasuwa.

Mu na biyu muka zaɓa, duk da cewa ya fi na ɗaya da ₦70,000. Na ɗayan ya ce sai an ba shi kuɗin duka kafin ya fara, farashinsa kuma na kwana uku ne kawai, alhali kwamiti ba zai iya zama ya fitar da kuɗi cikin kwana uku ba. Na biyun ya yarda a biya shi kashi-kashi, ya tsayar da farashinsa na mako biyu, ya ce kwana 12 zai yi, kuma rufin wata Islamiyya da ya yi a unguwar ya ci damina uku bai motsa ba, mun je mun gani. Ba dole ne ka ɗauki mafi arha ba, amma duk lokacin da ka tsallake shi wajibi ne ka rubuta dalili, kuma dalilin ya zama abin da wani zai iya zuwa ya tabbatar. "Na fi yarda da shi" ba ya shiga takarda.

Ita kanta wasiƙar

'Yan kwamiti sun san rufin ya tashi, wasunsu ta gaban makarantar suke wucewa zuwa masallaci. Saboda haka dogon bayani kan halin da ilimi ya shiga da amfanin karatun yara ɓata takarda ne. Abin da suke buƙata shi ne abin da za su kare kansu da shi idan iyaye ko ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma suka tambaye su dalilin fitar da kuɗin. Shafi ɗaya ya isa, sauran bayani ya tafi a takardun da za ka liƙa. Kuma abin da kake nema ya zo a sakin layi na farko, da adadinsa. Ga yadda tawa ta kasance, bayan adireshin makaranta, kwanan wata da lambar wasiƙa:

"Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gudanar da Makaranta. Ranka ya daɗe, Assalamu alaikum.

NEMAN AMINCEWA DA KASHE ₦1,485,000 DON GYARAN RUFIN AJI 3 DA AJI 4

Ina roƙon kwamiti ya amince da kashe ₦1,485,000 don sake rufin aji 3 da aji 4, kuma ya amince a ba kafinta na biyu aikin. Daga cikin kuɗin, ₦1,350,000 na kaya ne da aiki, ₦135,000 kuma na ko-ta-kwana, wanda ba za a taɓa ba sai da sa hannun Shugaba.

A daren 14 ga Mayu iska ta yaye rufin azuzuwan biyu gaba ɗaya. Babu wanda ya ji rauni. Yara 142 abin ya shafa, 68 a aji 3 da 74 a aji 4. Yanzu a gindin darbejiya suke karatu, kuma duk ranar da hadari ya haɗu sai a tashe su. An sanar da ofishin Sakataren Ilimi a rubuce washegari. Idan ruwa ya ci gaba da sauka a kan bango da daɓe, gyaran zai wuce na rufi kaɗai.

An ba kafintoci uku takardar aiki iri ɗaya. Na ɗaya ya ce ₦1,280,000, na biyu ₦1,350,000, na uku ₦1,520,000. Ina ba da shawarar a ɗauki na biyu saboda ya yarda a biya shi kashi uku, farashinsa zai tsaya har 5 ga Yuni, zai gama cikin kwana 12, kuma wakilan kwamiti biyu sun duba aikin da ya yi a baya. Na ɗaya ya fi arha da ₦70,000, amma ya nemi a biya shi duka kafin ya fara.

Asusun kwamiti yana da ₦620,000. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta yi alkawarin ₦400,000 a rubuce. Saura ₦465,000, kuma ina roƙon kwamiti ya yanke hanyar da za a bi a samo su.

Aikin bai haɗa da silin, fenti da daɓe ba. Za a kawo su daban bayan damina.

Ina roƙon a zauna a kan wannan kafin 2 ga Yuni don kada farashin ya wuce. Haɗe da wannan akwai takardar aiki, farashin kafintoci uku, takardar kwatanta su, hotuna shida, kwafin sanarwar da aka kai ofishin Sakataren Ilimi, da bayanin asusu. Na gode."

Sai suna, muƙami, sa hannu da hatimin makaranta, da kwafi zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma.

Ka lura da wasu abubuwa a cikinta. Lambobin dole su haɗu duk inda aka bi su. A takardar kafinta na biyu, kwano bandir 10 a ₦60,000 ya kama ₦600,000, katako ₦370,000, ƙusa da langa-langa da maganin gara ₦110,000, dako ₦40,000, kuɗin aiki ₦230,000. In ka tara za ka samu ₦1,350,000 cif. Ka ba malamin lissafi ya sake tarawa kafin ka sa hannu, domin ko ₦5,000 ce ta ɓace tsakanin wasiƙa da takardar farashi, ma'ajin kwamiti zai gani, kuma daga nan kowace lamba ta zama abin zargi. Kuɗin ko-ta-kwana na sa kashi 10 cikin 100, saboda a aikin rufi sai an cire tsohon abu ake ganin abin da ke ƙarƙashi, wataƙila saman bango ya farfashe inda iska ta fizge katako, sai an nemo buhun siminti biyu ko uku da birkila. Ka sa shi a fili a layinsa, ka ɗaure shi da sa hannun Shugaba, ka kuma faɗa a taro cewa abin da ya rage zai koma asusu. Kada ka yarda a cusa shi a cikin kuɗin katako. In wanda ya ba da farashi kamfani ne mai rajista, ka tambaye shi ko harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100 yana ciki, don kada ya taso da shi ranar biya.

Layin nan da ya ce aikin bai haɗa da silin da daɓe ba, shi ne ya cece ni daga surutu. In ba ka rubuta ba, ranar da aka gama wani zai leƙa ya ga katako tsirara a sama, ya fita yana cewa an ci kuɗin silin.

Game da harshe, ka rubuta da wanda 'yan kwamitinka suke karantawa. Ni da Hausa nake rubuta ta kwamiti, in yi kwafin Turanci don fayil ɗin ofis, lambobi iri ɗaya. Kuma ka kai wa Shugaba wasiƙar da hannunka kwana biyu ko uku kafin taro, ku zauna ku bi ta tare. Ka biya ta wurin ma'aji, da wakiliyar mata, da liman. Dattijo ba ya son a ba shi labarin kuɗi mai yawa a gaban jama'a karon farko. In za ka iya, a fara taron a cikin ajin da ya lalace, mutane su tsaya su ɗaga kai su ga sama kafin a koma ofis.

Giɓin kuɗin

Wurin da na fi so ka yi taka-tsantsan shi ne saura ₦465,000 ɗin nan, ko nawa ne naka ya kama. Za a samu wanda zai ce a raba wa yara, kowa ya kawo kaza, wanda bai kawo ba a kore shi gida. Kada ka rubuta wannan a wasiƙarka, kada kuma ka aiwatar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma wajibi a makarantun gwamnati, kuma hedimastan da ya kori yaro a kan kuɗi shi zai ɗauki laifin shi kaɗai. Gudummawar son rai daga iyaye da masu hali wani abu ne daban, kuma kwamiti ne ya kamata ya nema, da rasit, kuɗin su shiga asusun banki. Akwai kuma gudummawar da ba ta kuɗi ba: mai mota ya ɗauke dako, mai shagon kayan gini ya ba da ƙusa, matasa su taya sauke tsohon rufi. Kowace ka rubuta ta da ƙimarta ka cire daga lissafi. Sannan kwamiti na iya rubuta tasa wasiƙar zuwa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, ta nan ta wuce hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Wannan hanya ta kan ɗauki lokaci, don haka a bi ta, amma kada a jingina rufin bana a kanta.

Wasu za su ce a rufe aji ɗaya yanzu, ɗayan in an samu kuɗi. A daɓe ko taga wannan dabara ce mai kyau. A rufin da yake a haɗe kuwa ina da ja, domin gefen da aka bari a buɗe nan iska za ta shiga ta ɗaga sabon, ga dako sau biyu. In dole ce ta sa, a gaya wa kafinta tun farko don ya rufe bakin ya ɗaure shi da kyau, a kuma nemi farashin rabin aikin a rubuce, kada a ɗauka rabin kuɗin ne kawai. Mu dai Allah ya taimake mu, wani ɗan kasuwa da ya yi karatu a makarantar ya sayi bandir 6 ya aiko, sauran aka haɗa bayan sallar Juma'a biyu.

Inda wannan shawara ta tsaya

Duk abin da na faɗa na gyaran da kafinta da birkila za su iya ne. Kafin ka kira kowa, ka duba bangon. Idan ka ga tsaga mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko tsagar da ke ƙara buɗewa, ko bango ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa, ko ya yi ciki, to magana ta wuce farashin kafinta. Don gane ko tsaga tana tafiya, ka shafa ɗan siminti a kanta ka rubuta kwanan wata a gefe. In ya tsage cikin 'yan makonni, ginin yana motsi. A nan ka fitar da yara, ka rubuta wa Sakataren Ilimi a turo ma'aikatan gine-gine su duba, domin ɗora sabon rufi a kan bangon da ke shirin faɗuwa kasada ce da rayukan yara. Ginin na gwamnati ne, don haka ko ƙaramin gyara ne sai ofis ya sani a rubuce. Wannan yana kuma hana a zo daga baya a ba wani kwangilar aikin da kuka riga kuka yi. Yawan kuɗin da kwamiti zai iya amincewa da shi shi kaɗai ya bambanta daga jiha zuwa jiha, ka tambayi jami'in da ke kula da kwamitocin makarantu a ofishinku kafin taro. In kuma makaranta mai zaman kanta ce, tsarin wasiƙar ɗaya ne, sai dai ga hukumar makarantar ko mai ita za ta tafi.

Bayan an ce an amince

Amincewar baki ba ta fitar da kuɗi. A rubuta ta a littafin taro da adadin kuɗin, sunan kafintan da aka zaɓa, da sunayen waɗanda suka halarta, Shugaba ya sa hannu a ranar. Sannan a yi 'yar yarjejeniya ta shafi ɗaya da kafintan, a liƙa mata takardar aikin nan da ya cika da hannunsa.

Kuɗin kaya ban taɓa yarda ya kwana a aljihuna ba, kuma ina roƙonka kai ma kada ka yarda. Ma'aji da wakili ɗaya da kafinta su je kasuwa tare, a tura wa mai kaya kuɗinsa ta banki, a karɓo rasit mai sunan makaranta. Da kaya sun iso a ƙirga a gaban mutum biyu, a gwada kwanon da guntun da aka ajiye, a rubuta a littafin sito. Tsohon kwanon da aka tsinto ma a ƙirga shi a rubuta, domin kayan gwamnati ne, kuma yana da saurin yin ƙafa. Namu da shi muka rufe rumfar masu sayar da abinci, bayan kwamiti ya amince.

Ranar da za a ɗaure langa-langa ka kasance a wurin, ko ka tura dattijon da ya san aikin, domin da zarar an buga kwano ba mai sake ganin abin da ke ƙasa. Ka ga an zagaya ta a kan katako, an kama ta da jikin gini sosai a kowane wurin da katakon ya zauna, ka ɗauki hoto. Kuɗin aikin ₦230,000 mun raba shi uku: ₦90,000 ranar farawa, ₦115,000 ranar da aka gama kwamiti ya zagaya, ₦25,000 kuma muka riƙe sai an yi ruwa mai ƙarfi. Ruwan ya zo da asuba bayan kwana tara. Na shiga ajin da tocila, na tarar da ɗigo a wuri uku, duka a layin tsaiko inda ƙusa ta kauce wa katako. Na zagaye wuraren da alli a ƙasa, kafintan ya zo da hantsi ya toshe, aka yi wani ruwan ranar Laraba ba ɗigo, ranar Alhamis ma'aji ya tura masa cikon kuɗinsa.